Duniyar Na'ura: Wa Ke Da Gaskiya Tsakanin 'Yan Wasa Biyu?

Samari biyu na wasan kwamfuta tare ta intanet, ɗaya a Kano, ɗaya a Legas. Na farko ya rantse ya riga ya shige bayan bango, na biyu kuma ya dage cewa a fili ya gan shi ya harbe shi. Babu maƙaryaci a cikinsu, domin kowa abin da allonsa ya nuna masa ya faɗa. Laifin na tazara ne. Haske a cikin wayar gilashi yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, watau in babbar na'urar wasan tana Landan, saƙo daga Legas ba zai je ya dawo a ƙasa da milisakan 50 ba. A zahiri ma yakan fi haka nesa ba kusa ba.

Maganin farko shi ne a naɗa alƙali guda. Babbar na'urar nan da ake kira uwar garke ita kaɗai ke da ikon faɗin inda kowa yake. Na'urar ɗan wasa ba ta da izinin cewa "ina wuri kaza", iyakarta ta ce "maigidana ya danna dama". Wannan ya toshe ƙofar maguɗi, amma ya kawo nauyin jiki, don kuwa sai amsa ta dawo kafin mutum ya ga ƙafarsa ta motsa. Haka wasan Quake yake da ya fito a 1996, har John Carmack ya fitar da QuakeWorld a ƙarshen shekarar, inda na'urar ɗan wasa ke yin kintace, ta motsa shi nan take ba tare da jiran hukunci ba.

To, a nan ne masu koyon sana'ar suka fi yin tuntuɓe. A ɗauka ɗan wasa yana taki na 10, ya danna dama sau uku. Na'urarsa ta lambata umarnin 41, 42 da 43, ta aika, ta kuma nuna shi a taki na 13. Uwar garke ta karɓi na 41 kaɗai tukuna, ta amsa cewa yana taki na 11. In aka ɗauki amsar yadda ta zo, sai a ga mutum an fizgo shi baya daga 13 zuwa 11, can kuma ya sake zabura gaba kamar an ɗaure shi da roba.

Gyaran shi ne uwar garke ta haɗa kowace amsa da lambar umarni na ƙarshe da ta zartar. Na'urar ɗan wasa kuwa ta ajiye duk umarnin da ba a tabbatar ba. Da amsa ta iso, sai ta koma taki na 11, ta zubar da na 41, ta sake bi ta kan 42 da 43 kafin ta zana hoto na gaba. Lissafi ya dawo 13, ido bai ga komai ba. In kuwa abokin wasa ya riga ya rufe ƙofa a gaban taki na 11, amsar da ta biyo umarni na 42 za ta ce har yanzu yana 11, ƙofa kuma a rufe. Maimaita na 43 ba zai wuce ƙofar ba, sai ya tsaya inda alƙali ya tsayar da shi. Aikin ba shi da yawa. In ana aika umarni 60 a daƙiƙa, zuwa da dawowa kuma milisakan 100 ne, kimanin guda 6 ne ke jiran tabbaci.

Mai neman inda matsala take sai ya riƙa rubuta takin da aka kintata wa kowace lamba, ya gwada shi da wanda uwar garke ta faɗa. Saɓani na lokaci-lokaci, musamman wajen karo da wani, ba abin damuwa ba ne. Amma in a fili fetal ma ana samun ɗan bambanci a kowace amsa, to ɓangarorin biyu ba lissafi ɗaya suke yi ba. Galibi na'urar ɗan wasa ce ke auna motsi da saurin zanen hotonta, alhali uwar garke na amfani da tsayayyen lokaci.

Saura abokin wasa, wanda ba a iya kintatar abin da zai danna. Shi akan nuna shi a baya kaɗan, ana jan hotonsa tsakanin rahotanni biyu da suka riga suka iso. Injin Source na kamfanin Valve ya sa wannan jinkiri milisakan 100, da umarnin `cl_interp 0.1`. Saboda haka idan an yi harbi, uwar garke takan mai da agogo baya, cikin tarihin daƙiƙa guda da take ajiyewa, ta duba abin da maharbi ya gani a lokacin. Da wannan hukunci ɗan Legas ne ya ci shari'a, ɗan Kano kuwa ya faɗi yana bayan bango.