Kulle Farashin Dala: Kariya Ce, Ba Hanyar Cin Riba Ba

A ce ɗan kasuwar Kantin Kwari zai biya dala 10,000 kuɗin kaya nan da wata uku, ana canji naira 1,500. Fargabarsa ita ce tashin dala.

Da kwantiragin fiyucas zai kulle farashin tun yau, kuma cika alƙawarin dole ne. Idan dala ta kai 1,700, ya tsira da miliyan 2. Idan ta sauko 1,300, ya yi asarar miliyan 2 ɗin, kuma tun tana sauka dillali zai nemi ƙarin kuɗin jingina.

Kwantiragin ofshin kuwa zaɓi ne. Ya biya, misali, naira 50 kan kowace dala, wato 500,000, ya mallaki damar saye a 1,500. In ta faɗi, sai ya saya a kasuwa. Asararsa 500,000 ce kawai.

Manomin masara shi faɗuwar farashi yake tsoro, don haka farashin sayarwa yake kullewa.

Matsayinmu: kowa ya kulle iya buƙatarsa. Manomin da ya ƙulla buhu 100 ya girbe 60, sai ya cike gibin 40 ko nawa ake sayarwa. Abin da ya haura buƙata caca ce.