Manhaja ta san ƙarfe nawa, amma ba ta san an yi rasuwa ba

Tsara talla tun da wuri don ta fita da kanta ya sauƙaƙa wa masu ƙananan sana'o'i aiki. Mutum zai zauna dare ɗaya ya shirya tallan mako guda a Facebook da Instagram, ya koma harkarsa. Sai dai duk wanda ya koyi saka wa talla lokaci bai koyi tsayar da ita ba, rabin aikin ya koya. A gari irin Katsina, rabin da ya bari shi ne zai iya zubar masa da mutunci.

A ɗauki misalin wani mai shagon kayan waya a Ƙofar Ƙaura. Daren Juma'a ya buɗe Meta Business Suite ya tsara talla biyar. Ta farko ya saka mata ƙarfe 8 na daren Lahadi, 13 ga Yuli, 2025, domin ya lura lokacin ne mabiyansa suka fi hawa. Hoton caja ne da lasifika, da fuskokin dariya, an rubuta: "Yau take sallah! Garaɓasa ta faɗi, kowa ya zo ya kwashi rabonsa!"

Da yammacin wannan Lahadin aka sanar da rasuwar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a Landan. Kafin isha'i shafukan 'yan Katsina sun cika da salati da addu'a. Mai shagon ma yana cikin masu jimami, wayarsa kuma ba caji. Ƙarfe 8 na cika, tallar ta fita, ta zauna tsakanin saƙonnin ta'aziyya. Da safe ya tarar da martani jingim. Wani dattijo da ke sayayya a wurinsa ya rubuta: "Haba ɗana, yau ce ranar sallar?" Ya goge ta cikin sauri, amma an riga an ɗauki hotonta ana yawo da shi a WhatsApp. Saboda ruɗewa ya manta da sauran huɗun. Ta biyu ta fita ranar Talata, 15 ga wata, daidai ranar da gawar ta sauka a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa aka wuce da ita Daura.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, tallar da aka tsara ba a cikin waya take jira ba. Da zarar an danna Schedule, hoton da rubutun sun koma kwamfutocin kamfanin Meta. Ko an kashe data, ko waya ta mutu, ko an cire manhajar gaba ɗaya, za ta fita a kan lokacinta. Abin da kawai take dubawa shi ne agogo.

To laifin wa? Ba na manhaja ba ne, domin abin da aka ce ta yi shi ta yi. Mai shagon ma bai yi da gangan ba. Amma alhakin yana wuyansa. Wanda ya bar yaro a shago ya ce ya kunna kiɗa ƙarfe 8, idan aka yi rasuwa a layin, yaron zai ga tabarmi da jama'a ya fasa. Manhaja ba ta da wannan idon. Wanda ya ɗora mata aiki shi ne idonta.

A ƙasar Hausa kuma lokacin gyara kaɗan ne. Mutum zai rasu da safe, kafin la'asar an yi jana'iza, an zauna makoki. Tsakanin jin labari da fitar talla, wani lokacin awa biyu ce ko uku. Kuma ba sai rasuwar babban mutum ba. Limamin unguwa, ko ɗan kasuwar da kowa ya sani, ko gobara, ko harin 'yan bindiga a wata ƙaramar hukuma, duk sun isa su sauya yanayin shafukan mabiyan ƙaramin shago, tunda galibinsu 'yan gari ɗaya ne.

Wasu za su ce ai kasuwa ba ta tsayawa don an yi mutuwa. Gaskiya ne, ko ranar makoki ana sayen kati da caja. Ba wanda ya ce a rufe shago. Amma buɗe shago daban, shewa a ƙofar gidan makoki daban. Da tallar ta ce "Sabbin caja sun iso, ga farashi", da ƙyar wani zai tanka. Kalmomin murna ne suka yi ɓarnar. Saboda haka tallar da za a tsara kwanaki kafin ta fita, gara ta zama mai sanyin murya, wadda za ta iya zama kusa da kowane irin labari. Ta barkwanci da murna, a sake ta da hannu bayan an leƙa abin da gari yake ciki.

Idan mummunan labari ya zo, wurare uku ne za a duba, kuma minti biyar sun isa. Na farko jerin abin da ke jira. A Meta Business Suite yana ƙarƙashin Planner, ko Content sannan Scheduled. A bi su ɗaya bayan ɗaya a ɗage musu rana ko a mayar da su Drafts. Wanda ya tsara daga cikin Instagram kai tsaye zai same su a Scheduled content. Na biyu tallar da aka biya wa kuɗi ta hanyar Boost. Ita tafiyarta daban ce, za ta ci gaba da shiga idon mutane har kuɗin su ƙare ko kwanakin su cika, sai an shiga Ads Manager an kashe ta. Na uku saƙon da WhatsApp Business ke turawa da kansa, wato Greeting message da Away message, idan an cusa masa kalaman garaɓasa.

Wannan duka ba zai yi amfani ba idan waya ɗaya ce ke riƙe da shafin, mai ita kuma yana maƙabarta. Ya kamata a bai wa mutum na biyu amintacce, ƙani ko yaron shago, izini ta Page access, ba tare da an ba shi kalmar sirri ba, a kuma nuna masa wuraren nan uku tun kafin buƙata ta taso. Haka nan kada a tsara abin da ya wuce mako guda. Instagram na ba da damar kaiwa kwana 75, amma wanda ya tsara tallar wata biyu ba zai tuna abin da ya rubuta ba.

Idan kuma ta riga ta fita, gogewa kawai a yi shiru ba ta wanke mutum, tunda hotonta na hannun jama'a. A cire ta, a rubuta layi biyu: an tsara ta ne tun ranar kaza, ta fita da kanta, a yi haƙuri, Allah Ya jiƙan wanda ya rasu. Kada a saka hoton kaya ko lambar waya a saƙon, domin ta'aziyyar da ke ɗauke da talla ta fi tallar farko muni. Sauran tallace-tallacen su jira a yi addu'ar uku.

Masu karatu ma akwai nasu. Kafin a ɗauki hoton tallar wani a yaɗa da zagi, a tura masa saƙo a ɓoye tukuna. Sau da yawa mai shafin bai ma san ta fita ba, kuma saƙo ɗaya da ya iso da wuri zai sa ya cire ta, ya tsayar da waɗanda ke layi.