Kuɗin Makaranta: A Tuna wa Iyaye Cikin Sirri

Zangon farko na karatu kan kama ne a watan Satumba, daidai lokacin da rumbun manomi a Banga ya yi ƙasa, sabon gero bai gama shigowa ba, dawa da wake kuwa suna gona. A yankin Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi ma akwai gonakin da rashin tsaro ya hana a noma. Uban da ya makara wajen biya, galibi hatsinsa yake jira ya kai kasuwa.

Saboda haka muna roƙon masu makarantu masu zaman kansu da na Islamiyya su daina kiran sunayen masu bashi a filin taron safe. Yaron da aka kora gida da jaka a wuya, ƙannensa na kallo, bai ci bashin kowa ba. A rubuta wa uba takarda da Hausa, a naɗe ta, a faɗi adadin kuɗin da ranar ƙarshe tun da sauran mako biyu, a kuma bar ƙofar biya kashi-kashi a buɗe.

Iyayenmu, ku ma ku tuna albashin malamai daga wannan kuɗi yake fita. Wanda ya ga ranar za ta cika bai haɗa ba, ya samu shugaban makaranta tun da wuri, ya ba da abin da ya samu, su tsayar da ranar cikawa bayan girbi.