Amsa-amon Ya da Hujjar Sa'adu Zungur: Sake Karanta "Arewa Jamhuriya ko Mulukiya"

Duk shekarar da na ba ɗalibaina a nan Dutse aikin feɗe waƙar Malam Sa'adu Zungur mai suna "Arewa Jamhuriya ko Mulukiya", kusan amsa iri ɗaya nake samu. Sukan cika shafi uku a kan jigo da warwararsa, sannan su zo ƙarƙashin zubi da tsari su sallame shi da jimla biyu: waƙar 'yar ƙwar biyu ce, babban amsa-amonta "ya". Ba na ɗora musu laifin duka. Mu malamai ne muka ɗauki matakan da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa a Gadon Feɗe Waƙa, waɗanda aka yi domin a lura da kowace gaɓa ta waƙa, muka mai da su tamkar takardar cikewa a ofis, kowane gurbi da abin da ake zuba masa, babu mai leƙa na kusa da shi. Ra'ayina shi ne wannan waƙa ba ta karantuwa ta haka. Wanda ya raba jigonta da ƙafiyarta da yanayin baitinta zai fita da taƙaitaccen bayanin siyasar shekarun 1950, amma hujjar mawaƙin za ta kuɓuce masa, domin a cikin zubin take.

A fara da baitin farko, kamar yadda yake a matanin da aka saba bugawa. Al'adar rubutacciyar waƙa tun zamanin masu jihadi ita ce a buɗe da ambaton Allah da salati. Malam Sa'adu, wanda ya tashi a gidan malanta a Bauchi, ya san wannan sarai, amma abin da ya sa a bakin ƙofar waƙarsa umarni ne ga mai magana a kan gaskiya. Ɗangon farko sharaɗi ne da umarni, na biyu kuma farashin bin umarnin. Duka ɗangogin biyu sun ƙare da "ya", alhali a sauran waƙar ɗango na biyu ne kawai ƙafiya ta wajaba a kansa. Wannan tsohuwar dabara ce ta ƙasidar Larabci, inda ake sanar da kunne ƙafiyar tun daga rabin baitin farko. Abin lura shi ne kalmomin da aka ɗora wa wannan aiki: "gaskiya" da "biya". Tun kafin a ambaci sarki ko jamhuriya, kunne ya riga ya ɗaure gaskiya da biyan diyya. Baitin ya kuma kafa ƙirar da sauran za su bi: ɗango na farko ya ɗaga magana ya bar ta a rataye, na biyu ya sauke ta.

To, me ya sa "ya"? Wani abokin aiki ya taɓa ce mini kada in wahalar da kaina, ƙafiya ce mai arha, tunda Hausa cike take da sunaye jinsin mace masu ƙarewa da "iya". Gaskiyarsa ta nan, arha ce. Sai dai arhar kaya a kasuwa ba ta hana a gane mai iya zaɓe. A jera kalmomin da suka fi nauyi a ƙarshen baitoci: gaskiya, dariya, duniya, Nijeriya, da kalmomi biyu na sunan waƙar, jamhuriya da mulukiya. Kowacce ta ƙare da gaɓoɓi uku masu awo ɗaya, mai nauyi, marar nauyi, mai nauyi. Karin waƙar, wanda manazarta suka saba dangantawa da Mutadarak, yana tafiya ne da ƙafafu masu gaɓa biyu marasa nauyi da ɗaya mai nauyi, ko biyu masu nauyi, sannan ya rufe ɗango da gajeriyar ƙafa. Ke nan waɗannan kalmomi sun zauna daram a mazaunin da karin ya tanada. Sakamakon haka, zaɓi biyun da aka ɗora a gaban Arewa sauti ɗaya gare su, nauyi ɗaya, babu wanda kunne ya fifita. Abin da zai raba su sai dai kalmomin da suke amsa musu amo, wato ko dai gaskiya ko dariya. Ni a ganina, tambayar waƙar ke nan tun kafin ta zama tambayar tsarin mulki.

Wurin da na fi so a tsaya shi ne inda mawaƙin ya yi wa jahilci mutuntarwa. Bayan ya ambaci gadon ilmi da Shehu Abdullahi na Gwandu ya bari, da yadda aka yi sakaci da shi, sai jahilci ya shigo a matsayin mai kamu. A bi ɗangogin ɗaya bayan ɗaya. Da farko an karya ƙarfin jiki. Daga nan sarƙa ta kai wuya. Ɗango na gaba ankwa ce a hannu, na bayansa kuma ƙafa ce aka ɗaure da tsarkiya. Na ƙarshe a jerin shi ne takunkumi a baki. Kowane ɗango da gaɓar jiki ɗaya da abin ɗauri ɗaya, kuma babu jimlar da ta tsallaka ta shiga wata. Gajartar ɗangon ita ce ta sa mai sauraro yake jin kowane ɗauri dabam, kamar ana yi masa a gabansa. Sarƙa da ankwa kayan bawa da ɗan kurkuku ne. Tsarkiya igiyar baka ce, wato makamin da mutum yake kare kansa da shi ne aka kwance aka ɗaure shi da ita. Takunkumi kuwa na dabba ne. Saboda haka jerin gangara ce, daga ɗa zuwa bawa, daga bawa zuwa dabba. Da tsarin jiki kawai ake bi daga sama zuwa ƙasa, da baki ne zai zo farko. An ajiye shi ƙarshe ne domin shi ne babbar hasara a waƙar da ta buɗe da umarnin faɗa. A lura kuma da wanda bai fito a wannan hoto ba. A zamanin da Bature yake mulki, mawaƙin da ya yi aiki da jam'iyyar NCNC ta masu neman 'yanci bai sa sarƙar a hannun Bature ba.

A nan ma ƙafiya tana aiki a ɓoye. Kalmar "wuya" ta gaɓar jiki da "wuya" ta wahala rubutu ɗaya gare su a boko, karin sauti ne ya raba su, kuma waƙar ta yi ƙafiya da duka biyun. Ɗalibin da ya karanta da ido kawai ba zai ji dangantakar ba. Shi ya sa na daina yarda a feɗe wannan waƙa a aji ba tare da an rera ta ba.

Sai baitocin da kowa ya haddace, masu farawa da "matuƙar". Su ne ake yankowa a zuba a jawabai da shafukan sada zumunta a ce Malam Sa'adu ya yi duba, ya hango Arewar yau. Wannan karatu ya saɓa wa nahawun baitocin. "Matuƙar" kalmar sharaɗi ce, kuma sharaɗi yana nufin akwai mafita. An jero karuwai da 'yan daudu da magajiya, an jero yara masu bara da fata a kafaɗa, kowane hoto yana ƙara wa sharaɗin nauyi, jawabin kuma shi ne kunya a idon duniya. Inda sharaɗin ya ƙi sauka a baiti ɗaya ya zarce zuwa na gaba, jinkirin da gangan ne: kunnen da ya saba samun hukunci a kowane ɗango na biyu sai a hana shi, ya yi ta jira, har hukuncin ya faɗo da nauyin baitoci da yawa. Mai duba ba ya gindaya sharaɗi. Mai gargaɗi ne yake yi, kuma yana yi ne ga wanda yake da ikon kawar da sharaɗin. Wannan ne ya sa ban yarda da masu cewa waƙar fadanci ce ga sarakuna ba. Ta zaɓi mulukiya, babu musu, ta kuma kawo abin da ya sami sarakunan Indiya bayan 'yancin 1947 domin tsoratarwa. Amma zaɓin nata a rataye yake da gyara, kamar yadda kowane ɗangonta na farko yake rataye da na biyu. Alhaji Mudi Sipikin, da ya mayar da martani da "Arewa Jamhuriya Kawai", ya cire "ko" ɗin ne ya sa "kawai", wato ya rufe ƙofar da Malam Sa'adu ya bari a buɗe.

Ba ko'ina waƙar ta gamsar da ni ba. Siffanta mulkin ƙasa da doki wanda 'yan kudu za su hau hoto ne mai kama zuciya, musamman ga wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a Garu ya ga abin da doki yake nufi ga sarauta. Amma ƙarfin hoton daga tsoro yake, ba daga hujja ba, kuma ya mai da jama'ar ƙasa dabbar hawa ba tare da ya tambayi ko dokin yana da ta cewa ba. Haka kuma jerin masu laifin ya fi sauka a kan marasa ƙarfi. Kyan zubi bai wanke wannan ba, bai kuma kamata mu ɓoye wa ɗalibai shi ba.

Akwai wasu baitoci da suke nuna gwanintar a fili, inda mawaƙin ya ce nasa isarwa ne, karɓa ko ƙi ya rage ga masu sauraro. Baitin ya ƙare da dariya, na gaba ya fara da ita ya juya ta kuka, ya ƙare da gaskiya. Na bayansa kuma ya fara da gaskiya. Ƙarshen kowane baiti ya zama farkon mai bi masa, baitocin da a da kowanne yake tsaye da ƙafarsa suka sarƙu kamar zoben sarƙa, yadda sakamako yake bin sababi. Daga nan aka ce gaskiya ba ta bukatar ƙawa, har da ta muryar zabiya, aka ba ƙarya launuka bakwai. Na sa ɗalibai su ƙirga launukan da aka ambata, suka tarar bakwai ne cif: fari, baƙi, rawaya, kore, algashi, toka-toka da ja. Gaskiya ba ta sami ko da launi ɗaya ba, ƙarya kuwa ta cinye ɗangogi tana baje kaya, kuma baitocinta sun fi na gaskiya daɗin rerawa. Wata ɗaliba daga Kiyawa ta tambaye ni ko wannan bai zama tufka da warwara ba, mutum ya kushe ado da zaƙin murya a cikin waƙa mai kari da ƙafiya. Na ce ta rubuta aikinta na ƙarshen zango a kan wannan tambaya, na kuma hana ta raba shi gida-gida zuwa jigo da salo da zubi.