Wasiƙa zuwa ga masu noman iri: ku san uban ƙwayar da kuke ajiyewa



Ƙorafin da ya fi yawa a sana'armu shi ne iri ya lalace. Farar masara ta fara fito da rawaya, gero ya cika da shibra, kankana an fasa ta an tarar da fari mai tauri. Sai a ɗora laifin a kan ƙasa ko taki ko wanda ya sayar. Sau da yawa ɓarnar ta faru ne a cikin mako guda, lokacin fure, muna tsaye a bakin gona ba mu lura ba. Kowace ƙwaya tana da uwa tana da uba. Uwar ita ce shukar da muka cire ƙwayar a jikinta, mun san ta. Uban shi ne garin furen da ya sauka a kanta, kuma a nan amfanin gona ya sha bamban: wani iska ke kawo masa garin, wani ƙudan zuma, wani kuwa da garin kansa yake yin barbara tun fure bai buɗe ba.

Bari in daɗe a kan masara, domin ita ce ta baje komai a fili. Furen da ke tsaye a ƙolin kara shi ne namiji, shi ke zubar da bununi, wato garin nan mai ruwan ɗorawa da ke manne wa riga idan ka ratsa gona da hantsi. Macen tana ƙasa, a wurin goyo. Gemun da ke leƙowa daga bakin goyon ba ado ba ne. Kowane silin gemu yana haɗe da gurbin ƙwaya ɗaya tak, kuma sai garin fure ya sauka a kan wannan silin kafin gurbin ya cika. Goyo mai ƙwaya 400 yana nufin sili 400 ne suka samu gari, kowanne nasa daban. Saboda furen saman kan fara zuba kafin gemun karansa ya fito, kuma iska ce ke kwasar garin, kusan kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyin goyo garin wasu karare ne ya haife su. Goyo ɗaya zai iya zama da uba da yawa.

Furen saman yana zuba kamar mako guda, galibi da hantsi bayan raɓa ta bushe, kuma garin ba ya jure zafi da bushewa, cikin 'yan sa'o'i ya mutu. Gemu yana fara fitowa daga gindin goyo, na ƙarshen goyon shi ke zuwa daga baya. Idan ruwa ya ɗauke a wannan makon, furen saman ba ya jira, amma gemu yana jinkiri. Kafin silin ƙarshe ya leƙo, garin ya ƙare. Shi ya sa goyon da fari ya same shi lokacin fure yake zuwa da kai babu ƙwaya, ko da giɓi nan da can. Mai noman rani da ke da ruwan ban ruwa ƙayyadadde, wannan makon ne bai kamata ya yi rowa ba. Wanda kuma ya jera masara layi ɗaya dogo a gefen gona, iska za ta kwashe garin ta zubar a fili. A shuka ta a dunƙule, layuka da yawa kusa da juna.

Ga misalin yadda gaurayen iri ke faruwa. A ce kana noman farar masara ta iri a hekta ɗaya, maƙwabcinka kuma ya shuka rawaya taku talatin daga kan iyaka, ta kudu maso yamma, inda iskar damina ta fi busowa. Tazarar da aka saba nema wa gonar iri ita ce mita 200, irin tushe kuwa mita 400, kai kuma ba ka da su. Sai ka ce bari ka bar shi ya riga ka da kwana goma. To, tsaya ka yi lissafi da fure, ba da ranar shuka ba. Idan tasa mai yin fure ce a kwana 60, taka a kwana 50, jinkirin kwana goman nan shi ne zai haɗa ku rana ɗaya. Abin da ake nema shi ne mako uku zuwa huɗu tsakanin furensa da naka. Idan ba zai yiwu ba, ka bar layukan da ke fuskantarsa, goma ko fiye, su zama na ci, ka ɗebi iri daga tsakiyar gona zuwa ɓangaren da ya fi nisa da shi. Ranar girbi ka ɓare goyon gefe ka duba: ƙwayoyi rawaya tsilli-tsilli a cikin fari su ne shaidar garin maƙwabci, kuma za ka ga suna raguwa yayin da kake shiga ciki. Masara tana nuna wannan a shekarar da abin ya faru. Amma ku kula, tana nunawa ne idan launi ya bambanta. Idan maƙwabcin ma fara ya shuka, wani iri daban, gaurayen ya faru daidai wa daida, ido ne kawai ba ya gani, sai baɗi tsayi da lokacin nuna su rarrabu.

Akwai wani kuskure kuma da masu tsananin zaɓe ke yi. Mutum ya ga goyo biyar manya, ya ce su ne irin baɗi. Masara ba ta son auren dangi na kusa. Idan iri ya fito daga 'yan goyo kaɗan shekara bayan shekara, kara yana sirancewa, goyo yana ƙanƙancewa. A ɗebi iri daga goyo 200 ko fiye, daga karare lafiyayyu a warwatse cikin tsakiyar gona. Wannan shawara ta shafi irin da ake iya maimaitawa ne, kamar wasu daga cikin SAMMAZ na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. Irin aure na kamfani kuwa, wanda ake samarwa ta hanyar tsige furen saman layukan uwa domin layin uba kaɗai ya ba da gari, ba a ajiye 'ya'yansa, domin a shuka ta biyu halayen suna watsewa, amfani ya ragu. Kafin ka ajiye, ka tabbatar wanne ka saya.

Gero ma na iska ne, da dabararsa daban. Namiji da mace suna kan zangarniya ɗaya, amma farin gashin macen yana riga fitowa da kwana biyu ko uku kafin bununi ya zubo, saboda haka garin wata zangarniya ne ke samun sa. Garin gero ya fi na masara tafiya nesa. A nan shibra ke shiga: tana yin fure tare da gero, tana ba shi gari, tana kuma kakkaɓe ƙwayarta a ƙasa. Tuge ta bayan ta yi bununi aikin banza ne ga mai iri, a cire ta da zarar an gane ta, kafin ta fitar da kai. Dawa kuwa, duk da kamanninta da gero, yawancin barbararta da garin kanta ne, ko da yake iska na kawo ɗan gauraye, musamman a masu sakakken kai irin farafara.

Kankana da kabewa da guna labarinsu na ƙwari ne. A jikin yaɗo ɗaya akwai fure iri biyu. Namiji yana kan siririn tsinke, shi ke fara fitowa kuma ya fi yawa. Macen ana gane ta da ɗan ƙullutun 'ya'ya a gindinta tun ba ta buɗe ba. Furen kwana ɗaya yake yi, ya buɗe da safe, ya rufe da rana. Garinsa mai nauyi ne mai danƙo, iska ba ta ɗaga shi, sai ƙudan zuma. Kuma ziyara ɗaya ba ta isa: bakin macen kankana kashi uku ne, ana so zuma ta sauka kamar sau takwas ko fiye domin kowane kashi ya samu rabonsa. Idan ɓangare ɗaya bai samu ba, kankanar ta fito a karkace, gefe ɗaya a shafe. Idan furen bai samu ko kaɗan ba, ɗan ƙullutun ya yi rawaya ya faɗi. Yana ci mini rai in ga manomi ya ga 'ya'ya na zuba, ya ɗauka ƙwari ne, ya ƙara feshi da sassafe, daidai lokacin da zuma ke aiki. Ka shiga gona tsakanin fitowar rana da hantsi, ka tsaya gaban furen mace na ɗan lokaci. Idan babu mai sauka, matsalar kenan. Feshi in ya zama dole, a yi shi da yamma liƙis bayan fure ya rufe.

Ga mai iri, haɗarin kankana shi ne guna, domin 'yan gida ɗaya ne kuma zuma ba ta san iyakar gona ba. Ba kamar masara ba, nan ba za ka ga komai a bana ba. Kankanar da garin guna ya haifa tana nan ja mai zaƙi, gaurayen yana ɓoye cikin 'ya'yan da ke cikinta, sai baɗi a fasa a ga fari. Kokwamba da kabewa ba sa barbara da kankana, ba sai an tsorata da su ba. Idan babu tazarar rabin kilomita zuwa kilomita guda daga guna ko wata kankana, a yi da hannu: da yamma a ɗaure furen mace da na namiji waɗanda za su buɗe gobe, da safe a cire namijin a goga garinsa a duk bakin macen, a sake rufe ta, a ɗaura zare a tsinken domin a gane ta ranar girbi.

Wake da gyaɗa su ne masu sauƙi. A furen wake, namiji da mace suna ƙunshe cikin kube ɗaya, garin yana zuba a kan macen kafin furen ya buɗe da asuba. Gyaɗa ma haka, daga nan sai tsinkenta ya sauka ya shige ƙasa. Tazarar mita kaɗan ta wadatar, kuma irin yana riƙe kamanninsa shekara da shekaru. Idan wakenka ya gauraye, ka fara bincika wurin sussuka, da buhun da aka sake amfani da shi, da gyauron bara da ya tsiro a gonar. Idan furen wake yana zuba, ba rashin zuma ba ne. Ka buɗe fure a tafin hannu ka nemi ƙananan baƙaƙen ƙwari ko tsutsa a ciki, ka kuma tuna zafin dare ma yana zubar da shi. Duk shukar da ta bambanta da 'yan'uwanta a launin fure ko yanayin yaɗo, a tuge ta kafin girbi, domin a wake tsarkin iri yana hannun mai tsince gona da mai gyara masussuka.

Allah ya ba mu damina mai albarka.