Wane kaya ne ɗan gida? Abin da ƙaramin ɗan kasuwar Gaya zai sani kafin ya nufi Kamba

Tun da Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025, masu saurare ke tambaya: shin kayanmu za su ci gaba da shiga Najeriya ba kuɗin fito? A lokacin, CEDEAO ta ce a ci gaba da karɓar kayan Nijar, Mali da Burkina Faso bisa tsohon tsari har sai an sake sanarwa. Ke nan rangwamen aro ne, ana iya janye shi. Kuma ko yanzu, kayan da aka tabbatar ɗan gida ne kawai ke cin moriyarsa.

Dokar asalin kaya ta 2003 ta fara da abin da ƙasa ta haifa: albasa, rogo, rake, dabbobi, kifin kogin Kwara, da aikin hannu irin su tabarma. Waɗannan ba a neman musu takardar shaidar asali. Amma takardar lafiyar tsirrai ko ta likitan dabbobi tana nan daram.

Inda ake rikicewa shi ne kayan da aka sarrafa da inji daga abin da aka sayo waje. Misali, mai ƙaramar masana'antar sabulu a Gaya, kwali ɗaya ya tsaya masa jika 10 a bakin ƙofa, ba haraji. Manjan Malesiya, soda da ledar da ya sayo daga wajen yankin sun ci jika 7 da rabi. Abin da aka ƙara a gida jika 2 da rabi ne, wato kashi 25 cikin 100, alhali dokar 2003 ta nemi aƙalla 30. Ta wannan ƙofa ya faɗi. Da manjan Benin ya yi aiki, kuɗinsa ba ya shiga lissafin kayan waje, sai ya haye.

Akwai wata ƙofa: idan sarrafawar ta sauya lambar kaya a kundin duwan. Manja yana 1511, sabulu yana 3401. Sai dai ba shi zai yanke wa kansa hukunci ba. Kwamitin ƙasa ne ke amincewa da masana'anta da kayanta, sannan a ba kowane lodi takardar asali. In babu ita, a Kamba kuɗin fito cikakke zai biya.

Sauya buhu kuwa ba sarrafawa ba ne. Shinkafar Tailan da aka sauke a Kwatano, ko an zuba ta a buhu mai sunan Gaya, baƙuwa ce. Irin wannan na cikin dalilan da Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019.

'Yan uwa da ke turo jari daga waje, kafin a sayi inji, a fara tambaya: kayan haɗin daga ina za su fito? A kuma adana rasit na kowane saye, don da su ake yin lissafin.