Riga ɗaya a jikin mata biyar: a ƙirga furannin kafin a wallafa hoton

A watan Yunin 2023 kamfanin Google ya fito da wani tsari da ke nuna riga ɗaya a jikin masu tallan kaya daban-daban, daga siririya har mai ƙiba. Yanzu irin waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira suna hannun ƙananan 'yan kasuwa ma. Ga mai sayar da dogayen riguna a Instagram ko WhatsApp, wannan sauƙi ne babba, domin hoto ɗaya na iya zama biyar ba tare da ta biya mai ɗaukar hoto ba.

Aikin ba shi da wuya. Ana shimfiɗa rigar a ɗauki hotonta cikin hasken rana, a haɗa da hotunan matan da za a sa wa ita, zai fi kyau tsayuwarsu da haskensu su zo ɗaya. Sai dai manhajar ba manna hoton rigar take yi ba, sake zana ta take yi a kowane jiki. A nan gizo ke saƙa.

A ɗauki doguwar rigar atamfa mai fure wanda faɗinsa inci 4 ne. Idan gaban rigar inci 20 ne, furanni biyar za su jeru. Idan aka ɗinka wa mai jiki, gaban ya kai inci 28, bakwai za a gani, domin furen da aka buga a yadi ba ya girma. Amma sau da yawa manhajar takan bar biyar ɗin nan, ta buɗa su su cika jikin. Hotunan za su yi kama da juna, su yi kyau, alhali sun nuna atamfar da babu ita a kasuwa.

Haka tsawo. Riga mai inci 56 da ke share ƙasa a jikin gajeruwa, ba za ta rufe idon sawun doguwa ba. Idan a dukkan hotunan ta tsaya wuri ɗaya, an yaudari mai saye a kan abin da ya shafi suturta jikinta.

Saboda haka bai isa mai sayarwa ta ga hotunan sun dace da juna ba. Wajibi ne ta gwada kowanne da rigar da ke hannunta: ta ƙirga furanni da maɓallai, ta duba aikin wuya, ta tabbatar launin bai sauya ba. Wanda ya kauce, a jefar da shi.

Sannan a sa hoton rigar na ainihi a farko, a rubuta awonta da inci, a kuma faɗa cewa na'ura ce ta haɗa sauran. Mai sayen da ta tura kuɗi ta karɓi abin da ba shi ta gani ba, ba za ta zargi manhaja ba. Mai kayan za ta zarga, kuma da wuya ta sake dawowa.